Jimla Uku a Kan Waken Bawa

Yayana Salifu bai iya gajarta magana ba, kuma bai taɓa ƙoƙarin iyawa ba. In ka tambaye shi hanyar Mayahi, sai ya faɗa maka wanda ya haƙa kowace rijiya da ke bakin hanyar, da shekarar da ta ƙafe, da sunan matar da guganta ya faɗa ciki. Kafin ya kai ka Mayahi da baki, da ka isa da ƙafa. To irin wannan mutum ne aka ce ya ba da labari a jimla uku. Ni kuma, Maryamu, ƙanwarsa da muke ciki ɗaya, ni na zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, na taimaka masa. Taimakon da har yau in na tuna shi abinci ba ya yi mini daɗi.

A wani ƙauye kusa da Urafane aka haife mu, shi ne babba, ni ce auta. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, bai samu sartifika ba, saboda shekarar jarrabawa mahaifinmu ya kwanta ciwo, gona kuma ba ta jiran kowa. Faransancinsa ya tsaya inda ya tsaya: yana karantawa a hankali, yatsa kan takarda, amma rubutu sai an taya shi. Ya yi noma, ya yi cirani a Katsina rani huɗu yana tura ruwa a kura, ya dawo ya yi kabu-kabu, haya da moto mai ƙafa biyu, tsakanin Gidan Amumune da kasuwannin kewaye har bayansa ya fara ciwo. Ya yi aure, ya binne ɗiya biyu, ya raini biyar. Ni ce na ci gajiyar wahalarsa, don shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu, har na buɗe ɗan shagona a Tasawa inda nake buga wa mutane takardu da aika saƙonni.

A duk wannan yawo nasa abu ɗaya ne bai canza ba, shi ne amininsa Bawa. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, tare suka sha bulalar malamin allo. Bawa bai taka lakwal ba, bai je cirani ba ko sau ɗaya, don bai buƙata ba. Manomin wake ne na gaske, irin wanda in damina ta kusa, mutane kan zo ƙofar gidansa da ƙwarya su karɓi iri, kuma ba ya tambayar yaushe za a mayar. Dogo ne, marar yawan magana, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Yayana yana zuba, Bawa yana saurare, shekara hamsin a haka. Duk duniya Bawa kaɗai ke ce masa Sallau, kuma in ka ga yayana ya yi kwana uku bai je Urafane ba, to moto ce ta lalace.

Yana da shekara hamsin da biyu ya samu aiki da wani ƙaramin kamfani na Maraɗi mai suna Rumbun Albarka, masu sayar da buhun ajiyar wake mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka shanya wake ya bushe ƙarau, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure leda ta farko, ka ɗaure ta biyu daban, ka ɗaure buhun. Ƙwaron da ke ciki ya rasa iska ya mutu, ba hoda, ba ƙwayar guba. Aikin yayana shi ne yawo kasuwa-kasuwa yana nunawa yana sayarwa. Wallahi aikin kamar don shi aka yi. Ga moto, ga jama'a, ga izinin surutu daga safe har la'asar. Ban taɓa ganin sa da ƙiba ba sai a waɗannan shekarun.

A shekara ta uku saƙo ya zo daga biro, wato ofishin kamfanin. Madam Samira, mai kula da wakilan ƙauyuka, ta rubuta cewa za a rage wakilai daga tara zuwa biyar, kuma waɗanda ke tallafa wa kamfanin suna so su ga abin da buhun ya yi wa mutane, ba yawan buhunan da aka sayar kaɗai ba. Kowane wakili ya aiko ta imel da labarin abokin ciniki guda a jimla uku, kafin Jumma'a ta sama: jimlar farko damuwar da mutumin ya shiga, ta biyu abin da aka yi, ta uku abin da ya samu. A ƙasa ta ƙara layi biyu, cewa dole mai labarin ya yarda, domin ana iya amfani da labarin wajen talla.

Yayana ya zo shagona ranar Asabar da rigarsa ta Jumma'a, kamar wanda zai je gaban alƙali. Ya zauna ya fara shifta, ni ina juyawa da Faransanci ina bugawa. Ya gaida Madam Samira, ya gaida maigidanta da bai taɓa gani ba, ya gaida darakta, ya yi addu'ar damina, ya ba da tarihin yadda kakanninmu ke ajiye wake da toka da barkono. Na cika shafi guda bai ambaci buhu ba.

Na ce, "Yaya, jimla uku fa aka ce."

Ya ce, "Ke dai buga. Ya za a yi mutum ya faɗa wa babba magana ba sallama, kamar akuya ta shigo gida?"

Na aika haka nan, don in huta da shi. Litinin amsa ta dawo, gajeriya, cikin ladabi. Madam Samira ta ce ta gode da gaisuwa, layi ɗaya na gaisuwa ya isa a saman saƙon, labarin kuwa shi kaɗai, jimla uku, don masu karantawa a waya suke karantawa, ba za su wuce layi biyar ba.

Karo na biyu ya matse kansa har gumi ya tsattsafo masa. Ya ce in rubuta: Manoman ƙasarmu suna fama da ƙwari. Buhunmu yana da kyau ƙwarai. Kowa ya ji daɗi, alhamdulillahi.

Wannan ma ta dawo da shi, kuma a nan ba ni da abin cewa, gaskiyarta ce. Ta ce "manoma" ba mutum ba ne, tana son mutum guda mai suna da gari. Ta ce "fama" bai faɗi komai ba: me ya rasa, nawa, yaushe? Ta ce jimla ta biyu ba yabon buhu ake so ba, abin da mutumin ya yi da hannunsa ake so. Ta uku kuma abin da za a iya aunawa, wata nawa, tiya nawa ta awon hatsi, ba "ya ji daɗi" ba. Ta ƙare da cewa wakilai shida sun riga sun aiko nasu.

Wannan "shida" ɗin shi ya firgita shi. Ya zauna a bencin shagona. Mutum ne mai shekara hamsin da biyar da ciwon baya da baki bakwai a gida, in aikin nan ya tafi ba zai iya komawa kabu-kabu ba. Can sai ya ce, "Ai babu wanda buhun nan ya yi wa rana kamar Bawa."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana duban ƙofa. Shekara uku da suka wuce, kafin ya fara aikin buhu, Bawa ya ajiye wake buhu shida a ɗaki. Da ya buɗe gab da damina, ƙwari sun mayar da shi gari, ka damƙa ya rugurguje a hannu. Har iri bai tsira ba. Mutane suka fara zuwa da ƙwarya kamar kullum, ya riƙa ce musu su dawo jibi. Rana ɗaya da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa cikin ɗaki, ya ce wa yayana ya kai shi Gidan Amumune a moto. Can ɗiyarsa ta fari take aure. Bai shiga gidan ba. Ya sa aka kira masa mijinta bayan masallaci, ya sunkuyar da kai, ya roƙi irin wake wajen surukinsa.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba zai ce to sai me? Mu kuwa mun sani. Mutumin da ko abinci ba ka ci a gabansa, wanda ke tuɓe takalmi ya durƙusa in ya hango ka, shi za ka miƙa wa hannu! Surukin, Allah ya yi masa albarka, ya ɗora buhu guda a bayan moto bai ce uffan ba, ko matarsa bai faɗa wa ba. Bawa ya dawo ya raba wa masu ƙwarya kamar daga ɗakinsa ya fito. Mutum uku kaɗai suka san wannan magana, ranar nan a shagona na zama ta huɗu.

Muka rubuta. Jimla ta biyu da ta uku ba su ba mu wahala ba, don yayana ne da kansa ya ɗaure wa Bawa buhunan farko, kuma yana wurin ranar da aka buɗe. Ta farkon ce matsalar. Shi ya ce a rubuta cewa ƙwari sun cinye wa Bawa buhu shida, a tsaya nan. Ni kuwa, da kaifin kaina na 'yar boko, na ce wannan kowa zai rubuta shi, duk wakilan tara suna da mai buhu shida. Na ce abin da zai sa mai karatu ya tsaya shi ne surukin. Na ce, "Yaya, Madam cewa ta yi a nuna me ya rasa. Ba wake kaɗai ya rasa ba ai."

Ya ce, "Maryamu, wannan asirin mutum ne."

Na ce, "Su wa za su karanta? Mutanen biro a Maraɗi da Turawan da ke tallafa musu, waɗanda ko sunan Urafane ba su iya faɗi ba. Je ka tambaye shi mana, ba amininka ba ne?"

Maganar talla da ke ƙasan saƙon na faɗa masa, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, amma a gurguje na faɗa, kamar yadda ake karanta bayan kwalin magani. A raina na ɗauka takarda ce za a manna a bangon biro. Ga abin da muka tsayar, na mayar muku da shi Hausa:

Shekara uku da suka wuce ƙwari sun cinye wa Malam Bawa, manomi a karkarar Urafane, wake buhu shida, har ya rasa irin shuka sai da ya roƙa wajen surukinsa. Bara ya shanya wakensa ya bushe, ya zuba a buhu biyar masu ninki uku, ya matse iska, ya ɗaure kowane ninki daban, ba tare da magani ba. Bayan wata takwas ya buɗe ya tarar da waken kamar ranar da aka sussuka shi, ya shuka gonarsa da irinsa, ya kuma ba maƙwabta tiya arba'in.

Ku duba fa, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ni kaina da na karanta sai da na ji daɗin aikina.

Laraba yayana ya tafi ƙauye neman yarda. Nan ya yi kuskuren da shi, duk duniya, bai kamata ya yi ba. Ya tarar da Bawa a ƙofar gida da mutane uku suna hira, ya kasa jiran su tashi saboda rana na faɗuwa ga hanya. Bai karanta masa jimlolin ba, ta yaya zai karanta a gaban mutane? Sai ya ja shi gefe kaɗan ya ce biro na son labarin wakensa, da na shekarar nan da na waccan shekarar, duka, har da tafiyar da suka yi, kuma aikinsa a kan wannan yake rataye. Bawa ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "To, Sallau. Ba komai."

Wa bai san Bawa ba? Wa bai san dattijan ƙauyenmu ba? Mutum irinsa ba ya ce wa amininsa a'a ido da ido, balle an ce masa abincin iyalinka na hannuna. Zai ce to, ya kwana da maganar, ya sake kwana, sannan in bai yarda ba ya aiko ƙanensa ko wani dattijo ya faɗa maka a kaikaice, don kada fuskarka ta ga tasa a lokacin. Haka aka yi neman aurenmu duka, haka ake sayen gona. Wanda ya ji "to" ta farko ya tashi da ita, bai jira ɗan aike ba, shi ya so. Yayana ya san wannan fiye da ni. Amma Jumma'a na tafe, shi kuma ya ji abin da yake son ji.

Alhamis da hantsi ya shigo shagona ya ce, "Ya yarda." Na rubuta taken saƙon, Labarin abokin ciniki daga Urafane, na sa gaisuwa layi ɗaya, na sa jimloli uku, na ƙara a ƙasa cewa mai labarin ya amince. Na danna. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Asabar da safe sai ga Danda, ƙanen Bawa, a ƙofar shagona, ƙafafunsa duk ƙura. Ya je gidan yayana aka ce yana wajena. Suka gaisa, suka gaisa, aka tambayi yara da dabbobi da ruwan bana. Sannan Danda ya ce, "Yaya Bawa ya ce in gaishe ka. Ya ce maganar nan da kuka yi, ta buhu da ta tiya arba'in a faɗa wa kowa, har sunansa a sa. Amma waccan tafiyar, ya ce a bar ta inda take."

Danda bai ma san wace tafiya ba ce, saƙo aka ba shi ya kawo. Yayana ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Maryamu, a dawo da ita."

Na ce, "Yaya, ba a dawo da imel."

"Ba wasiƙa ba ce? A je a karɓo mana kafin a buɗe."

Na ce an buɗe tun shekaranjiya. Har amsa ta zo, ban kai ga faɗa masa ba: Madam Samira ta ce labarinsa ya fi na kowa, ya kwantar da hankalinsa, yana cikin biyar ɗin da za a riƙe.

A nan ne ya kamata mu kira ta a waya nan take mu ce a cire rabin jimla. Rabin jimla kawai! Labarin zai tsaya da ƙafarsa ba tare da surukin ba, damuwa na nan, magani na nan, sakamako na nan. Amma yayana ya ji kunyar ya ce wa shugabarsa ya yi ƙaryar yarda, ya ji tsoron kada a ce to a ba wani gurbin. Ni kuma na ce masa, da wannan bakin nawa, "Bari kawai, wa zai kai wa Bawa labarin abin da ke cikin ordinatar a Maraɗi?" Ya sallami Danda da cewa ya ji, in sha Allahu. Muka yi shiru muna fatan abin ya nutse.

Bayan wata biyu, lokacin da aka fara ɗiban wake, kamfani ya sayi fili a gidajen rediyon karkara. Wani mai murya mai daɗi ya karanta jimlolinmu uku da Hausa tsantsa, da kiɗan gurmi a baya, sau uku a rana. Ni a shago na ji, wata mata tana jiran in buga mata takardar haihuwa. Da aka zo "sai da ya roƙa wajen surukinsa" hannuna ya tsaya a kan madannai. Matar ta yi dariya ta ce, "Kai, wannan bawan Allah ya ga rana!" Ba ta san shi ba ma. To ina ga Urafane, inda Malam Bawa mai ba da iri guda ɗaya ne tak?

Ba wanda ya zage shi, kada ku ɗauka haka. Abin ya fi zagi muni. A kasuwa abokan wasa suka riƙa ce masa, "Malam Bawa, bana mu je Gidan Amumune ko akwai a gida?" Waɗanda suka karɓi iri a waccan shekarar suka riƙa zuwa suna ba shi haƙuri, wai da sun sani da ba su ɗora masa nauyi ba. Ɗiyarsa ta ji a rediyo tana tsakar gidan mijinta, gaban uwar mijin, ta zo gida tana kuka tana tambayar don me bai faɗa mata ba. Surukin kuma ya aiko da rantsuwa cewa ba daga bakinsa ta fita ba. Ba sai ya rantse ba, Bawa ya san bakin.

A ranar da tallar ta iso kunnen yayana ya kira Madam Samira, ya faɗa mata gaskiya duka. Matar nan ba ta da laifi, kuma ta nuna hali. Ta ce, "Malam Salifu, da ka faɗa mini tun ranar, minti biyu ya ishe ni in goge." Cikin kwana uku ta sa aka dakatar da tallar, ba ta kore shi ba, sai dai daga ranar ta kafa doka: duk wakili sai ya karanta wa mai labari jimlolin kalma-kalma, shi kaɗai, ya koma bayan kwana biyu ya sake tambaya, kafin a aika. Doka mai kyau. Kwana tara aka yi ana tallar kafin a tsayar.

Yayana ya tafi ƙauye ya durƙusa gaban Bawa, mutum da furfurarsa. Ya ce shi ya yi, ba kowa ba, ko sunana bai ambata ba. Bawa ya kama hannunsa ya tashe shi ya ce, "Haba, tashi. Na yafe, duniya da lahira." Kuma na yarda ya yafe, Bawa ba ya faɗin abin da ba ya nufi in ya ambaci lahira. Ya sa aka kawo fura. Suka sha. Yayana ya dawo yana ce mini an wuce wurin, yana faɗa yana maimaitawa, har na gane shi ma bai yarda ba.

Shekara biyu suka biyo baya. Yayana bai fasa zuwa ba, Bawa bai taɓa hana shi tabarma ba. Ana gaisawa, ana zancen ruwa da farashin gero. Sai dai Bawa ya daina ba da iri a ƙofar gida, ya ce wa Danda ya riƙa rabawa a nasa gidan. Ya rage zuwa kasuwa. Da aka sa ranar auren autarsa, a bakin wani yayana ya ji. Da ƙafarsa ta fara kumbura aka kai shi likita Tasawa, kwana huɗu yana kwance a garin da muke, tsakaninsa da shagona tafiyar minti goma, ba mu sani ba sai da aka mayar da shi gida. Yayana ya tambaye shi don me, ya ce, "Ban so in ɗora maka wahala ba." Surutun yayana ya ragu. A kasuwa yana nuna ɗaurin buhu kamar yadda ya saba, leda ta farko, leda ta biyu, amma in manomi ya fara ba shi labarin gidansa sai ya ce, "Riƙe abinka, malam, ni buhu nake sayarwa." An sake neman labarin jimla uku sau biyu a shekarun nan, duka biyun ya karanta wa masu su, ya koma, ya sake komawa har suka gaji da shi.

Ni ma na je na ba Bawa haƙuri, na ce masa ni na matsa a sa maganar. Ya ce, "Ke yarinya ce, Maryamu, aikinki kika yi. Ba ke na hau moto da ke ba." Ina da shekara arba'in da uku a lokacin. Na fito daga gidan ina kuka kamar an mare ni.

Bawa ya rasu ranar wata Talata da hantsi, bayan an gama girbi. Danda ya kira, muka hau moto ni da yayana, muka tafi. Na shiga cikin gida wajen mata, na zauna kusa da Hassana, matar marigayin, daga inda nake ina hangen bakin zaure. An kewaye gefen tsakar gida da zana, an kawo ruwa a tulu biyu, an kawo likkafani. Sai na ga yayana ya shigo, ya tuɓe hula ya ba wani, yana naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ba wanda ya kira shi, ba ya buƙatar a kira shi. A ƙauyenmu aminin mutum ne ke yi masa wanka tare da liman, kuma malamai sun ce a zaɓi amintacce, wanda in ya ga wani abu a jikin mamaci zai rufe, ba zai faɗa ba.

Ahmadu, babban ɗan Bawa, ya tare shi a bakin zanar. Ya durƙusa har ƙasa, don yaron kirki ne, a hannun yayana ya girma. Ya yi magana a hankali, amma gidan ya yi tsit, na ji.

"Baba Salifu, ka yi haƙuri. Baba ya bar wasiyya tun yana asibiti. Ya ce liman da Baba Danda su yi masa wanka. Ya ce kai ka tsaya a sahun gaba wajen salla, ka yi masa addu'a, ya ce addu'arka yake so ƙwarai."

Yayana ya ce, "To." Ya sake cewa, "To, madalla." Ya tsaya kaɗan, liman da Danda suka wuce shi suka shiga bayan zanar. Sannan ya warware hannun rigarsa, na dama, na hagu, ya ɓalla maɓallan, ya karɓi hularsa, ya fita waje ya zauna cikin baƙi.